Ƙuri'a Biyu Kafin a Yi Sallama a Ƙofar Gidanka

Daga watan Agusta zuwa Disamba na 2018, ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa sun zaga Nijeriya suna yi wa mata tambayoyi a kan haihuwa da rigakafin yara da gidan sauro da ruwan sha. Wannan shi ne binciken lafiya da yawan jama'a da ake kira NDHS. Iyalai 42,000 aka tsara za a ziyarta, a ƙasar da ƙidayar 2006 ta samu mutum miliyan 140 da 'yan kai, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun lokacin. Daga amsoshin waɗannan iyalai ne aka fitar da alƙaluman da gwamnati da asibitoci da 'yan jarida suka yi ta ambato shekara da shekaru.

Wanda ya ji haka zai iya cewa ai sun yi kaɗan. Masana lissafi ba a nan damuwarsu take ba. Abin da ke hana su barci shi ne wata tambaya daban: kowane iyali da aka shiga, mene ne girman damar da yake da ita tun farko ta a zaɓe shi? Idan an san wannan, an san iyalai nawa yake wakilta, kuma dubu 42 sun isa har da rara. Idan ba a sani ba, ko miliyan aka tambaya, babu hanyar da za a ce amsarsu ita ce ta ƙasa.

Da a ce akwai littafi guda mai ɗauke da sunan kowane iyali a Nijeriya, da an yi ƙuri'a sau ɗaya an huta. Babu irin wannan littafi. Ko da akwai shi, sunayen da za su fito za su warwatsu ne, ɗaya a Illela, ɗaya a Gembu, ɗaya a wani tsibiri a Bayelsa, kuɗin mota kaɗai ya cinye kasafin. Shi ya sa ake raba aikin mataki biyu. Mai sayen masara a Dawanau ba ya zazzage tirela guda don ya ga ingancinta, yakan nuna wasu buhuna a sauke, sannan ya soka a kowanne ya ɗebi kaɗan ya duba. Haka nan a binciken: da farko a zaɓi gungu, sannan a zaɓi iyalai a cikin kowane gungun da ya fito.

Gungun da ake amfani da shi a Nijeriya shi ne yankin ƙidaya, wato ɗan yankin da hukumar ta shata a taswira don ma'aikacin ƙidaya ya iya gamawa, wani lokaci ɓangaren unguwa, wani lokaci ƙauye ko 'yan ƙauyuka. A 2018 an zaɓi gungu 1,400, aka ɗauki iyali 30 a kowanne. Iyali kuwa a wajen masu binciken shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna cin tukunya ɗaya. Saboda haka babban gida mai sassa huɗu, inda kowane ɗa yake cefanensa, iyali huɗu ne a takarda.

Me ya sa ake ninkawa

Kafin a yi sallama a ƙofar wani, sai ƙuri'a biyu sun faɗa masa a jere. Dole yankinsa ya fito a ta farko, sannan sunansa ya fito a ta biyu. Idan yanki ɗaya cikin goma ake ɗauka, kuma a cikin yankin iyali ɗaya cikin biyar ake ɗauka, to a yi tunanin an maimaita ƙuri'ar sau hamsin. Yankin zai fito wajen sau biyar. A cikin biyar ɗin nan, iyalin zai fito sau ɗaya. Ɗaya cikin hamsin ke nan, wato 1/10 × 1/5 = 1/50. Ɗalibai kan yi kuskuren haɗa su, kuma alamar kuskuren a fili take: tarawa tana ba da amsar da ta fi damar yankin kansa girma, alhali iyali ba zai taɓa fin yankinsa damar fitowa ba, tunda sai yankin ya wuce shi ma zai wuce.

Wannan shi ne ƙashin bayan maganar. Sauran duk a kan yadda ake samun waɗannan lambobi biyu ne, kuma a nan ake yin tuntuɓe.

Mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma, ba ta gaske ba, don lissafin ya zo da sauƙi. A rajistar ƙidaya tana da yankuna 200, jimillar iyalanta 20,000. Kuɗin da ke hannu zai isa a je yankuna 10, a tambayi iyali 20 a kowanne, jimilla 200. Mu sa ido a kan yankuna biyu: wani ƙauye mai iyali 50, da wata unguwa a bakin gari mai iyali 200.

Hanyar da ta fi zuwa a rai ita ce a rubuta sunayen yankunan 200 a 'yan takardu, a zuba a hula, a zaro goma. Kowane yanki yana da dama 10/200, wato 1/20. Kamar an yi adalci. To amma duba abin da ya faru da iyalai. A ƙauyen za a ɗauki 20 cikin 50, saboda haka damar iyali ita ce 1/20 × 20/50 = 1/50. A unguwar za a ɗauki 20 cikin 200, damar ta zama 1/20 × 20/200 = 1/200. Mutumin ƙauyen ya ninka na unguwar sau huɗu wajen damar a ji ta bakinsa. Idan aka tattara amsoshin aka fitar da kaso kai tsaye, ƙananan ƙauyuka za su yi rinjayen da ba su da shi a zahiri. An daidaita yankuna, an karkatar da mutane.

Ana iya gyarawa ta ɗaukar kaso iri ɗaya a kowane yanki, a ce ɗaya cikin biyar, sai ƙauyen ya ba da 10, unguwar ta ba da 40. Lissafin ya daidaita, kowa 1/100. Sai dai mai tsara aiki ba ya son haka, domin bai san iyalai nawa zai ƙare da su ba sai ƙuri'a ta fito, kuma wata tawaga za ta gama kafin azahar yayin da wata take kwana huɗu a wuri ɗaya.

Dabarar da ta zama ruwan dare

Mafitar da manyan bincike suka runguma ta samo asali ne daga aikin Morris Hansen da William Hurwitz na hukumar ƙidayar Amurka, a 1943. A ba kowane yanki dama gwargwadon girmansa, sannan a ɗauki adadi iri ɗaya a duk wanda ya fito.

Ga yadda ake yi a aikace. A jera yankunan 200 bisa tsarin ƙasa, a riƙa tara iyalansu. Idan na farko yana da 120, ya mallaki lambobi 1 zuwa 120. Na biyu mai 50 ya mallaki 121 zuwa 170. Na uku mai 200 ya mallaki 171 zuwa 370, haka har a kai 20,000. Tunda goma ake so, a raba 20,000 gida goma, tazara ta zama 2,000. Sai a zaro lamba guda ta hanyar ƙuri'a tsakanin 1 da 2,000, a ce 730 ta fito. Yankin da 730 ta faɗa a cikin lambobinsa an zaɓe shi, haka wanda ya mallaki 2,730, da 4,730, har zuwa 18,730. Yanki mai iyalai da yawa ya mamaye lambobi da yawa, don haka ya fi saurin kamuwa. Jera su bisa tsarin ƙasa kuma yana da nasa amfanin, domin goman za su bazu a faɗin ƙaramar hukumar maimakon su cunkushe a gefe ɗaya.

Yanzu damar ƙauyen ita ce 50 cikin 2,000, wato 1/40. Ta unguwar 200 cikin 2,000, wato 1/10. Sai mataki na biyu. Iyalin ƙauye: 1/40 × 20/50 = 1/100. Iyalin unguwa: 1/10 × 20/200 = 1/100. Sun zo daidai, kuma daidai da 200 cikin 20,000. Abin da babban yanki ya samu a ƙuri'ar farko ya mayar da shi a ta biyu, saboda girman yankin yana sama a lissafin farko, yana ƙasa a na biyu, sai su cinye juna. Kowace tawaga tana da aiki iri ɗaya, kowane iyali yana wakiltar ɗari, ba a buƙatar wani gyara.

A littattafan makaranta sau da yawa nan labarin yake tsayawa. A fili kuwa daga nan yake somawa.

Rajistar ta tsufa

Lambobin da aka yi ƙuri'ar farko da su daga ƙidaya suka fito, kuma binciken 2018 ya dogara ne da ƙidayar 2006, shekara goma sha biyu tsakani. Duk wanda ya san bayan garin Kano ko unguwannin da ke kewaye da Abuja ya san gonar da aka ƙidaya a wancan lokaci ta zama layuka. Shi ya sa kafin masu tambayoyi su iso, akan tura wata tawaga daban ta bi yankin da ya fito gida gida, ta zana taswira, ta rubuta kowane iyali da sunan maigidan. Daga wannan sabon jerin ake zaɓen mataki na biyu, kuma a ofis ake yin sa, ba a bar wa mai tambaya ya zaɓi ƙofar da ta yi masa ba.

Mu koma misalinmu. An je unguwar aka tarar iyalanta sun kai 500. Ƙauyen kuma matasa sun yi ƙaura, saura 40. A unguwar za a raba 500 gida 20, tazara 25, a zaro lamba tsakanin 1 da 25, a ce 9, a ɗauki na 9 da na 34 da na 59 har ashirin su cika. A ƙauyen tazara 2 ce.

Wace lamba za a sa a lissafi, tsohuwa ko sabuwa? Duka biyun, kowacce a muhallinta. Ƙuri'ar farko an riga an yi ta da 200, kuma babu abin da aka gano daga baya da zai sauya damar da unguwar ta samu a ranar: 1/10 ce. Ƙuri'a ta biyu kuwa da 500 aka yi ta. Saboda haka damar iyalin unguwa ita ce 1/10 × 20/500 = 1/250, ta iyalin ƙauye kuma 1/40 × 20/40 = 1/80. A taƙaice:

P = (a × Mi / M) × (b / Li)

inda a yake yawan yankunan da aka zaɓa, Mi girman yankin a rajista, M jimillar rajistar, b iyalan da aka ɗauka, Li kuma iyalan da aka tarar a sabon jeri. Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu koyo shi ne su sa sabuwar lamba a wurare biyun. Sai komai ya cinye juna, kowa ya koma 1/100, takarda ta yi kyau, amma ba ƙuri'ar da aka yi ba ke nan. Idan ka ga rahoton da ya ce ya yi sabon jeri a kan rajista mai shekara goma, kuma duk iyalai sun fito da dama iri ɗaya cif, ka tambayi yadda aka yi.

Juya damar ita ke ba da nauyi. Iyalin da damarsa 1/250 ce yana magana da bakin iyalai 250, wanda tasa 1/80 ce yana magana da bakin 80. Daniel Horvitz da Donovan Thompson ne suka shimfiɗa wannan ƙa'ida a 1952, kuma har yau da sunansu ake kiranta. Don a ga tasirinta, mu ɗauki waɗannan yankuna biyu kaɗai. A ce an tambaya ko akwai gidan sauro. A unguwar 5 cikin 20 suka ce akwai, a ƙauyen 15 cikin 20, watakila saboda an yi rabo a can kwanan baya. Ƙirgen kai tsaye ya ba da 20 cikin 40, rabi ke nan. Da nauyi kuwa, masu gidan sauro su ne 5 × 250 da 15 × 80, wato 1,250 da 1,200, jimilla 2,450. Dukan iyalan su ne 20 × 250 da 20 × 80, jimilla 6,600. Kason ya sauko zuwa wajen 37 cikin ɗari. Tsakanin 50 da 37 akwai tazarar da za ta iya sauya inda za a tura motar rabo ta gaba, kuma amsoshin mutane ba su canza ko ɗaya ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta duba ko an yi nauyin daidai. A tara nauyin dukan iyalai 200 na yankuna goman. Jimillar ita ce kiyasin yawan iyalan ƙaramar hukumar a yau. Idan ta fito 26,000 a wurin da rajista ta ce 20,000 shekaru da suka wuce, hankali zai ɗauka. Idan ta fito 2,000 ko 300,000, an tsallake wata lamba ko an juya wata.

Wasu 'yan rassa suna ƙara tsawon ninkawar ba tare da sauya ƙa'idar ba. Yankin da ya kumbura ƙwarai akan yanka shi gida biyu ko uku a zaɓi ɗaya, sai damar wannan yankan ta shiga tsakiyar lissafi. Yankin da girmansa a rajista ya kai tazarar ko ya wuce ta, a misalinmu 2,000, ba zai taɓa kuɓuce wa ƙuri'a ba, don haka damarsa 1 ce, kuma akan cire shi gefe a sake lissafin sauran. A binciken 2018 an tambayi duk matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 a iyalin da aka zaɓa, saboda haka damar mace ita ce damar iyalinta. Maza kuwa a ɗaya cikin uku na iyalan aka tambaye su, sai a ƙara ninkawa da 1/3. Masu binciken jin ra'ayi da ke ɗaukar baligi ɗaya tak a kowane gida suna da nasu: mai zama shi kaɗai tabbas shi za a tambaya, wanda ke cikin manya shida kuwa ɗaya cikin shida yake da ita, kuma idan ba a gyara ba, muryar manyan gidaje irin namu takan dushe.

Haka kuma ba a yi wa Nijeriya ƙuri'a ɗaya ba. An raba kowace jiha da Abuja gida biyu, birni da karkara, aka samu sassa 74, kowanne da ƙuri'arsa. A ƙidayar 2006 Kano tana da wajen mutum miliyan 9.4, Bayelsa miliyan 1.7, amma ba a ba Kano ninki biyar na gungun Bayelsa ba, domin ana so kowace jiha ta samu adadin da zai isa a fitar mata da nata alƙaluman. Sakamakon shi ne iyalin Kano yana da ƙaramar dama da babban nauyi. Ɗalibin jami'a da ya sauke bayanan ya fitar da kason ƙasa ba tare da ya kunna nauyi ba ya rage wa jihohi masu yawan jama'a murya da hannunsa, kuma a ganina wannan ya kamata ya zama abin farko da mai duba kundin digiri zai tambaya.

Abin da nauyi ba ya gyarawa

Sauƙin da gungu ke kawowa ba kyauta ba ne. Maƙwabta sukan yi kama da juna: rijiya ɗaya, asibiti ɗaya, mai unguwa ɗaya. Iyali na ashirin a unguwa ɗaya ba ya kawo sabon labari kamar yadda iyali daga wani gari zai kawo. Leslie Kish ya yaɗa ma'aunin wannan asara a littafinsa na 1965, kuma a sauƙaƙe shi ne 1 + (b − 1) × ρ, inda ρ ke nuna yawan kamannin da ke tsakanin 'yan gungu ɗaya. Idan ρ ta kai 0.1 kuma ana ɗaukar 20, amsar 2.9 ce. Iyalanmu 200 ke nan ƙarfinsu bai wuce na wajen 69 da aka zaro ɗaya ɗaya ba. A kan abu kamar ruwan famfo, wanda unguwa kan samu gaba ɗaya ko ta rasa gaba ɗaya, asarar ta fi haka. Shi ya sa mai kuɗin ƙara samfuri ya fi cin riba idan ya ƙara yankuna a kan ya ƙara iyalai a yankunan da ya riga ya shiga.

Sai kuma inda lambar ta biyu ba ta samuwa sam. Shekaru da yawa ana auna rigakafin yara da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na gungu 30 da yara 7 a kowanne. Matakin farko daidai yake, gwargwadon girma. A na biyu ne ake zuwa tsakiyar gari a juya kwalba ko biro, a bi inda ya nuna, a zaɓi gida ɗaya a kan layin, daga nan a riƙa shiga ƙofa mafi kusa har yara bakwai su cika. Yana da arha da sauri. Amma babu mai iya faɗin damar da yaron da ke gefen gari yake da ita, gidajen tsakiya sun fi kamuwa, kuma gidan da aka tarar a rufe tsallake shi ake yi. A 2018 hukumar ta fitar da sabon littafin jagora da ya koma ga jera gidaje da ƙuri'ar da za a iya lissafawa. Dalili ɗaya ne ya sa a binciken NDHS ba a yarda mai tambaya ya musanya iyalin da bai samu ba da maƙwabcinsa. Sai dai ya koma har sau uku, in ya gagara a rubuta ba a samu ba, a ɗan ƙara nauyin waɗanda suka amsa.

Akwai kuma waɗanda damarsu sifili ce. A 2018 gungu 11 cikin 1,400 ba su shigu ba saboda rashin tsaro, aka gama da 1,389. A jihar Borno an ajiye ƙananan hukumomi 11 cikin 27, kuma rahoton ya faɗa a fili cewa alƙaluman jihar ba lallai su wakilci dukanta ba. Ba a iya juya sifili a samu nauyi, don haka kason rigakafin da aka buga wa Borno a waccan shekara na ƙananan hukumomi 16 ne da aka iya shiga.